Ajiyar Wa'adi A Banki: Cikar Wa'adinta, Umarnin Sabuntawa, Da Abin Da Karya Ta Yake Jawowa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tambayoyi sun yawaita daga 'yan'uwa 'yan kasuwa da masu fataucin shanu a Banyo da kewaye a kan wata ajiya da ma'aikatan banki suke tallata musu idan sun ga kuɗi sun taru a asusunsu. A takardun bankunan Kamaru ana rubuta sunanta da haruffa uku, DAT. Mu a nan za mu kira ta ajiyar wa'adi. Da yawa suna sa hannu ba su san ranar da kuɗin za su dawo ba, ba su kuma san abin da zai faru idan ranar ta wuce suna shiru ba. Za mu bi mas'alar da misali guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, sannan mu kawo hukuncinta, domin malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci surarsa.

Mece ce ajiyar wa'adi?

Yarjejeniya ce tsakanin mutum da banki. Mutum ya miƙa wani adadi na kuɗi, ya yarda ba zai taɓa su ba har wani lokaci sananne, kamar wata uku, ko wata shida, ko shekara guda. Shi kuma banki ya yi alkawarin mayar masa da uwar kuɗinsa cif, tare da ƙarin da aka yanka tun ranar farko, wato kuɗin ruwa. Banki ba ya kulle waɗannan kuɗi a akwati. Yana ba da su rance ga wasu a kan ruwan da ya fi wanda zai biya mai ajiya, bambancin shi ne ribarsa. Wannan ne ya sa yake son sanin tsawon lokacin da kuɗin za su zauna a hannunsa, shi ne kuma ya sa yake cin tarar wanda ya zo karɓa kafin lokaci.

Abubuwa biyar ne ginshiƙan takardar da ake sa wa hannu: adadin uwar kuɗi, ranar da lissafi yake farawa, ranar cikar wa'adi, ƙimar ruwa, da abin da za a yi da kuɗin idan wa'adi ya cika. Akwai na shida da ake yawan rubutawa da ƙananan haruffa a ƙasa, shi ne sharaɗin cire kuɗi kafin lokaci.

Yadda ake lissafi har wa'adi ya cika

Mu ƙaddara wani falken shanu a Banyo ya sayar da dabbobinsa, ya samu sefa 6,000,000. Asusunsa yana wani reshen banki a Ngaundere. Ranar Laraba 15 ga Janairu 2025 ya sa kuɗin a ajiyar wa'adi ta kwana 180, a kan ruwa kashi 4 cikin ɗari. Wannan ƙima misali ce muka ɗauka don sauƙin lissafi, domin kowane banki da abin da yake bayarwa, kuma mai kuɗi da yawa yakan yi ciniki a kai.

Abu na farko da yake ruɗa mutane shi ne, kashi 4 ɗin nan na shekara guda ne cur. Wanda ya ajiye na rabin shekara rabinsa zai samu. Bankuna da yawa kuma suna ɗaukar shekara a matsayin kwana 360 a lissafinsu. Ga ƙa'idar:

```
ruwa = uwar kuɗi × ƙima × kwanaki ÷ 360
6,000,000 × 0.04 × 180 ÷ 360 = 120,000
```

Ke nan ruwan da aka lissafa masa sefa 120,000 ne. Amma ba wannan ne zai shiga asusunsa ba, saboda gwamnatin Kamaru tana karɓar haraji a kan irin wannan kuɗin shiga, kashi 15 cikin ɗari, da ɗan ƙarin da ake ɗorawa domin ƙananan hukumomi, jimla kashi 16.5. Banki ne yake cire harajin tun kafin ya biya. A misalinmu harajin sefa 19,800 ne, abin da ya rage 100,200. Saboda haka ranar cikar wa'adi, wato Litinin 14 ga Yuli 2025, abin da yake da sunan falken a littafin banki shi ne sefa 6,100,200.

A lura da ranar da lissafi yake farawa. Wani lokaci tana zuwa ne bayan ranar da mutum ya kai kuɗin, musamman idan da caki ya biya ko daga wani banki aka turo. Ranar da aka rubuta a takarda ita ce abin dogaro, daga ita ake ƙirga kwanakin.

Cikar wa'adi ba ta nufin za a kira mutum a miƙa masa kuɗi a hannu. A ranar, na'urar banki tana duba umarnin da mai ajiya ya bari tun farko, ta zartar da shi ba tare da ta jira kowa ba. A nan ne mafi yawan matsala take faruwa.

Umarnin sabuntawa

Umarnin da ake bai wa banki iri uku ne.

Na farko, kada a sabunta. Ranar 14 ga Yuli a zuba sefa 6,100,200 gaba ɗaya a asusunsa na yau da kullum, yarjejeniya ta ƙare, yana iya cire kuɗinsa duk lokacin da ya ga dama.

Na biyu, a sabunta uwar kuɗi kaɗai. Sefa 100,200 su shiga asusun yau da kullum, miliyan shida kuma a sake kulle su na wani kwana 180.

Na uku, a sabunta uwar kuɗi da ruwanta tare. Sefa 6,100,200 duka su zama sabuwar uwar kuɗi, ruwa ya fara hawa a kan ruwa.

Duk sabuntawa sabuwar yarjejeniya ce, kuma sau da yawa ana yin ta ne a kan ƙimar da banki yake bayarwa a ranar, sai fa idan takarda ta ce tsohuwar ƙima za ta ci gaba. Mu ce a watan Yuli bankin ya sauko zuwa kashi 3.5. Idan falken ya zaɓi hanya ta biyu, ruwan zango na biyu kafin haraji zai zama sefa 105,000. Idan ta uku ya zaɓa, zai zama kimanin 106,750. Bambancin bai kai sefa 2,000 ba. Wannan shi ne duk abin da ake kururutawa da sunan kuɗi suna haihuwa a cikin wata shida.

Sabon wa'adin zai cika ranar 10 ga Janairu 2026, wadda ta faɗa Asabar. Idan ranar cika ta faɗa ranar da ba a aiki, yawanci sai ranar aiki ta gaba kuɗin suke samuwa. Wanda ya yi wa wani alkawarin biya a wannan rana sai ya kwana da sanin haka.

Abin da ya fi komai haɗari shi ne shiru. Takardu da yawa suna ɗauke da sharaɗin cewa idan mai ajiya bai aiko da umarni a rubuce ba kafin wasu kwanaki da aka ambata, to ya yarda a sabunta na irin tsawon wa'adin farko. Mu dubi yadda wannan zai shafi falkenmu. Yuli tsakiyar damina ce, kuma kowa ya san halin hanyar Banyo zuwa Tibati da Ngaundere a wannan lokaci. Ya ce bari a kwana biyu, ai kuɗi suna banki ba inda za su. Ya isa reshen ranar 21 ga Yuli, mako guda bayan cika. Sai a ce masa kuɗinsa sun shiga sabon wa'adi tun ranar 14, ba za su fito ba sai Janairu. Idan ya dage sai ya karɓa a ranar, za a ɗauke shi a matsayin mai karya ajiya, a yi masa hukuncin da takarda ta tanada. Ruwan zangon farko ya riga ya tabbata, amma na kwana bakwai ɗin nan zai tafi, kuma idan akwai wata tara tsayayya, za ta hau kansa.

Ana gane an sabunta ajiya ta hanya mai sauƙi. A duba bayanin asusun yau da kullum washegarin ranar cika. Idan uwar kuɗi ba ta shigo ba, an sake kulle ta. Maganin abin kuwa shi ne mutum ya rubuta umarninsa tun ranar da yake buɗe ajiyar, ko ya kai wasiƙa kafin kwanakin da aka gindaya, a buga masa hatimi da kwanan wata a kan kwafinsa. Maganar baki da ma'aikaci ko kiran waya ba hujja ba ce, domin ana iya sauya wa ma'aikacin wurin aiki kafin ranar ta zo.

Haka nan idan mai ajiya ya rasu iyalinsa ba su san da ita ba, na'ura za ta ci gaba da sabuntawa zango bayan zango, haƙƙin magada yana kulle. Ya kamata mutum ya sanar da amintaccensa, ya ajiye takardar inda za a same ta.

Cire kuɗi kafin wa'adi

Babbar Sallah ta 2025 ta zo a farkon watan Yuni. Mu ƙaddara a tsakiyar Mayu falken ya ga kasuwar raguna ta buɗe, yana son kuɗinsa ya yi sari ya kai Yawunde ko Duwala. Ya je banki ranar 15 ga Mayu. Ajiyar ta yi kwana 120, saura kwana 60. Da a kan kashi 4 za a lissafa masa, ruwan kwana 120 sefa 80,000 ne kafin haraji. To amma alkawarin kashi 4 an yi shi ne bisa sharaɗin zai jira har ƙarshe. Abin da zai samu ya danganta da abin da takardarsa ta ce, kuma hanyoyin da aka saba gani huɗu ne.

Hanya ta farko, a rage ƙimar. Mu ce takarda ta ce wanda ya karya za a lissafa masa a kan kashi 2. Ruwan kwana 120 ya koma 40,000, a cire haraji 6,600, ya tashi da 33,400 a kan miliyan shidansa.

Hanya ta biyu, ya rasa ruwan gaba ɗaya, a ba shi uwar kuɗinsa kaɗai. Ana yawan sa wannan ga wanda ya karya tun ajiyar ba ta daɗe ba.

Hanya ta uku ita ce wadda take taɓa uwar kuɗi. Wasu suna karɓar ruwansu wata-wata, wasu ma tun ranar farko ake ba su. Da falken yana karɓar 20,000 duk wata, a wata huɗu an lissafa masa 80,000. Da ya karya aka koma kashi 2, haƙƙinsa a lissafin banki 40,000 ne kawai. Sauran 40,000 ɗin da ya riga ya ci, daga cikin miliyan shidan za a zare su. Haka ma idan takarda ta sa tara ta wani kaso na uwar kuɗi.

Hanya ta huɗu, banki ya ƙi karyawa, ya ce zai ba shi rance, ajiyar ta zama jingina. Mu ce an ba shi sefa 5,000,000 na kwana 60 a kan kashi 6, wato sama da ƙimar ajiyarsa da maki biyu. Ruwan rancen 50,000 ne, a ɗora harajin kashi 19.25 da ake sa wa hidimomin banki, wato 9,625, jimla 59,625, ban da kuɗin buɗe fayil idan akwai. A Yuli ajiyarsa za ta ba shi 100,200, a cire 59,625, saura 40,575. A ido wannan ya ɗan fi hanyar farko, shi ya sa ma'aikata suke nuna ta. Amma miliyan biyar kawai ya riƙa a hannu, kuma ya zama mutumin da yake biyan ruwa domin ya yi amfani da kuɗin kansa.

Ban da wannan, karya ajiya ba ta cika ƙarewa a yini ɗaya ba. Ana neman wasiƙa, wani lokaci sai an jira amincewar hedikwata. Ga mai son cim ma ranar kasuwa, jinkirin nan kan fi tarar ciwo.

Idan bankin ne ya durƙushe

Bankunan ƙasashe shida masu amfani da sefar Afirka ta Tsakiya suna ƙarƙashin babban banki BEAC da hukumar sa ido COBAC. Akwai kuma asusun lamunin ajiya mai suna FOGADAC, wanda yake biyan mai ajiya har zuwa sefa 5,000,000 a banki guda idan bankin ya gaza. Falkenmu mai miliyan shida ya haura wannan iyaka da miliyan ɗaya. Wannan lamuni na bankuna ne. Ƙananan cibiyoyin ajiya da ba da rance, waɗanda suka fi kusa da jama'a a garuruwa irin namu, dokarsu daban ce, kuma su ne suka fi yi wa mutane tayin ruwa mai tsoka. Ba a manta da rushewar COFINEST a shekarar 2011 ba, inda masu ajiya da yawa suka daɗe suna bin kuɗinsu. Duk wanda ya yi maka alkawarin ruwan da ya zarce na kowa, ka tambayi inda zai samo shi.

Hukuncinta a Shari'a

Ko da yake ana kiranta ajiya, a ma'aunin fiƙihu rance ce. Ajiya ta gaskiya amana ce, ba a juya ta, kuma idan ta salwanta ba da sakaci ba wanda aka bai wa ba ya biya. Banki kuwa yana juya kuɗin, yana kuma lamunce mayar da su ko ya ci riba ko ya faɗi. Wannan ita ce siffar rance, kuma ƙarin da aka shardanta a kan rance saboda lokaci shi ne riba da ayoyin ƙarshen Suratul Baƙara, daga ta 275 zuwa ta 279, suka haramta. A kan haka taron malamai na cibiyar bincike ta Azhar ya tsaya a 1965. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tabbatar da shi a zamanta na Jidda a 1985, sannan a zamanta na Abu Dabi a 1995 ta ambaci ajiyar wa'adi mai ruwa da sunanta a cikin rancen da aka hana. An samu wasu malaman Masar da suka sassauta daga baya, suna ɗaukar banki a matsayin wakilin juya kuɗi, amma mafi yawan majalisun fatawa ba su bi su ba, mu ma abin da jamhur suka tafi a kai muke karantarwa.

Idan an fahimci wannan, sauran rassan sun fito fili. Umarnin sabuntawa sake ƙulla riba ne a kowane zango, na uku kuma ya fi muni domin riba ce a kan riba. Rance a kan jinginar ajiya ya haɗa wa mutum ci da ciyarwa.

Wanda ya riga ya shiga, abu na farko shi ne ya tuba, ya kai wasiƙar dakatar da sabuntawa ba tare da jinkiri ba. Sannan ya karanta sharaɗin karyawa. Idan abin da zai rasa ruwa ne kawai, to bai rasa komai na halal ɗinsa ba, ya karɓi uwar kuɗinsa ya fita. Idan tarar za ta ci wani abu daga uwar kuɗin, ya kai takardar ga malami su duba girman cutarwar da kwanakin da suka rage. Ruwan da ya riga ya shigo hannunsa kuwa, fatawar da malamai suka fi bayarwa ita ce ya fitar da shi ga matalauta ko ayyukan amfanin jama'a da niyyar tsarkake dukiyarsa, kada ya ci, kada kuma ya lissafa shi a cikin zakkarsa.

Ajiyar wa'adi ta hanyar ƙiradi

Akwai hanyar halal, wadda littattafanmu na Malikiyya suke kira ƙiradi, bankunan Musulunci kuma suke kira mudaraba. Bankin Afriland First Bank ya buɗe sashen hada-hadar Musulunci a Kamaru a 2015, kuma a 2022 hukumomin kuɗi na yankin sun fitar da doka ta musamman a kan wannan harka.

A ƙiradi, abin da ake yankawa tun farko shi ne kason rabon riba. Mu ce an yi da falken a kan kashi 60 nasa, 40 na banki. Idan a wata shida rabon kuɗinsa daga ribar da aka samu ya kama sefa 150,000, shi yana da 90,000, banki 60,000. Idan ribar ta ragu, rabonsa ya ragu. Idan an faɗi ba da sakacin banki ko saɓa sharaɗi ba, asarar tana kan dukiya, banki kuma ya yi asarar wahalarsa. Sabuntawa a nan ba ta da laifi, har da mayar da ribar cikin jari bayan an yi lissafi an tabbatar da ita, sai dai a duba ko kason rabon ya canza a sabon zango.

Cirewa kafin lokaci ma tana da asali a fiƙihu. A wurin Malikiyya, idan mai juya kuɗi ya fara aiki da su, mai dukiya ba ya tilasta masa mayarwa sai haja ta koma tsabar kuɗi. Saboda haka ya halatta a shardanta wa'adin sanarwa, ko a yi sulhu a kan wanda ya fita da wuri ya karɓi kason riba ƙasa da na wanda ya jira, matuƙar an bayyana hakan tun farko.

Suna kaɗai ba ya halatta ciniki. Kafin sa hannu a tambayi abu uku: shin an lamunce uwar kuɗi ko da an faɗi, shin an yanka adadin da za a biya tun ranar farko, kuma wace majalisar malamai ce take duba inda ake juya kuɗin. Idan amsar tambayoyi biyun farko i ce, to rance ne mai ruwa ko da an rubuta mudaraba a saman takardar. Idan kuma ƙiyasin riba kawai aka nuna, aka rubuta cewa tana iya hawa ko sauka, to an kama hanya.

Allah Shi ne Mafi sani. Muna roƙonSa Ya wadatar da mu da halal ɗinSa ga barin haram ɗinSa, Ya sanya albarka a kasuwancin 'yan'uwa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.